Yadda Ake Gwada Rubutun Manhajar Waya a Harsuna Daban-daban

Kowace manhajar waya cike take da gajerun rubuce-rubuce: sunan maɓalli, taken shafi, saƙon gargaɗi, da bayanin da ke fitowa idan wani abu ya ƙi tafiya. Yawancin manhajoji da harshe ɗaya ake fara gina su, galibi Ingilishi, daga baya a fassara rubutun zuwa wasu harsuna. Mai fassara yakan yi aikinsa ne a cikin jadawali, jimla ta asali a gefe ɗaya, tasa a ɗaya gefen, ba tare da ya ga inda kowace jimla za ta zauna a fuskar waya ba. Shi ya sa fassara za ta iya zama daidai a takarda, amma ta fito a gurguje a hannun mai amfani. Aikin mai gwaji shi ne ya duba kowane rubutu a ainihin mazauninsa, kuma abubuwa uku ya fi sa wa ido: tsawon jimla, alkiblar rubutu, da haruffan da Ingilishi ba shi da su.

Domin a bi bayanin da misali ɗaya, a ɗauka akwai wata manhajar tura kuɗi da aka gina da Ingilishi, ana so a fitar da ita a Nijeriya da Nijar da Chadi da Sudan. Za ta buƙaci Hausa da Faransanci da Larabci, kuma waɗannan harsuna uku sun haɗa dukkan matsalolin da ake nema.

Gwaji tun kafin fassara ta iso

Ba sai an jira mai fassara ya gama ba kafin a fara gwaji. Masu gina manhaja suna da wata dabara ta fassarar bogi, inda na'ura ke ɗaukar rubutun Ingilishi ta canza masa kama, amma ya kasance ana iya karanta shi. Android yana da irin waɗannan harsunan bogi guda biyu, `en-XA` da `ar-XB`. Ana kunna su a kwafin gwaji na manhajar da ɗan gajeren umarni:

```
buildTypes {
    debug {
        pseudoLocalesEnabled true
    }
}
```

Daga nan sai a buɗe sashen `Developer options` a wayar, wanda ke bayyana idan aka taɓa `Build number` sau 7, sannan a zaɓi harshen bogin a jerin harsuna. A ƙarƙashin `en-XA`, jimla kamar `Hello World` takan koma `[Ĥéļļö Ŵöŕļð one two]`.

Wannan rubutu mai ban mamaki yana fallasa aibu uku a kallo ɗaya. Na farko, duk rubutun da ya tsaya da Ingilishinsa tsaf ba tare da ya canza ba, alama ce cewa an rubuta shi kai tsaye a cikin lambobin manhajar, ba a sa shi a fayil ɗin da ake miƙa wa mai fassara ba. Irin wannan rubutu ba zai taɓa fassaruwa ba sai an ciro shi. Na biyu, bakar da ke buɗe jimla da wadda ke rufe ta suna nuna iyakarta. Idan aka ga ta buɗewa ba a ga ta rufewa ba, an yanke jimlar. Idan kuma aka ga bakoki biyu ko uku a jere a layi ɗaya, to jimlar ɗinki ce, an harhaɗa ta daga guntaye. Na uku, ƙarin kalmomin da aka liƙa a ƙarshe suna kwaikwayon tsawon da fassara za ta ƙara.

Masu gina manhajar iPhone su ma suna da makamancin haka a cikin Xcode, inda akwai zaɓin `Double-Length Pseudolanguage` mai ninka kowane rubutu sau biyu, da `Right-to-Left Pseudolanguage` mai juya fuskar manhajar.

Jimlar da ta fi mazauninta

Ingilishi harshe ne mai gajerun kalmomi, kuma masu zana manhaja sukan auna maɓalli daidai da kalmar da ke gabansu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, doguwar jimla kan ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari idan aka fassara ta, amma gajeren rubutu mai haruffa goma ko ƙasa da haka yana iya ninkawa sau biyu ko uku. Wato inda wuri ya fi ƙaranci, nan ne rubutu ya fi kumbura. Maɓallin `Save` mai haruffa 4 yakan zama `Enregistrer` a Faransanci, mai haruffa 11.

A manhajar tura kuɗin nan, a ce akwai saƙon `Transfer failed`, wanda ke cin gurabe 15. Mai fassara ya rubuta "Kuɗin da ka tura bai shiga ba", fassara mai kyau, amma tana cin gurabe 29. Idan an tsara wurin ya ɗauki layi ɗaya kacal, ya yanke abin da ya yi saura da ɗigo uku, abin da mai amfani zai gani shi ne "Kuɗin da ka tura…". Duk labarin yana cikin ɓangaren da aka yanke. Mutum zai iya ɗauka kuɗi ya tafi, ya ce wa ɗan'uwansa ya je ya karɓa. Hausa tana yawan ajiye hukuncin jimla a ƙarshenta, har da "ba" ta biyu ta korewa, don haka yanke wutsiyar jimla ya fi yi mata illa.

Mai gwaji yana neman alamomi huɗu a kowane shafi: rubutun da aka yanke, rubutun da ya hau kan maƙwabcinsa, kalmar da ta karye a tsakiya ta sauka layi na biyu, da maɓallin da doguwar jimla ta tura ƙasa har ya fita daga fuskar waya ba tare da an iya jawo shi ba. Na ƙarshen ya fi muni, domin idan maɓallin tabbatarwa ne ya ɓace, mai amfani ya maƙale ke nan.

Ba a yin wannan gwaji a babbar waya kaɗai. Ana ɗauko mafi ƙanƙantar wayar da manhajar ta yi alkawarin aiki a kanta, mai faɗin `320dp` ko `360dp` a ma'aunin Android, irin wayoyin masu sauƙin kuɗi da suka fi yawa a hannun jama'a. Sannan a ƙara girman rubutu a saitunan wayar har ƙarshe, kamar yadda dattawa da masu raunin gani ke yi. Daga Android 14, wanda ya fito a 2023, ana iya ninka girman rubutu har kashi 200 cikin ɗari. Haɗuwar abubuwa uku, harshe mafi tsawo da waya mafi ƙanƙanta da rubutu mafi girma, ita ce jarrabawa mafi tsanani. Shafin da ya tsallake ta da wuya ya faɗi a wani wuri.

Gyaran galibi a hannun mai zane yake, ba a hannun mai fassara ba. Akwatin rubutu kamar riga ce da ake ɗinka wa yaro mai tasowa, sai an bar mata sarari. Ana barin maɓalli ya miƙe gwargwadon abin da ke cikinsa, a bar saƙon gargaɗi ya sauka layi biyu ko uku, a kuma sa shafin ya zama mai jawuwa. Sai idan duk wannan ya gagara ake roƙon mai fassara ya taƙaita, kuma a lokacin dole a nuna masa hoton shafin, a faɗa masa adadin guraben da ake da su.

Jimlar ɗinki da ƙidaya

Akwai jimlolin da ke ɗauke da suna ko adadi da ke canzawa, kamar saƙon da ke cewa an tura kuɗi kaza ga wane. Mai gina manhaja da bai saba ba yakan harhaɗa guntaye bisa tsarin Ingilishi, ya miƙa wa mai fassara kowane guntu daban. Wannan ba ya aiki, domin kowane harshe da yadda yake jera kalmominsa. Hanyar da ta dace ita ce a ba da jimlar gaba ɗayanta, da gurabe masu lamba da mai fassara zai iya matsarwa:

```
<string name="sent">An tura wa %2$s kuɗi %1$s</string>
```

Mai gwaji yana tabbatar da cewa kowane gurbi da ke jimlar asali yana nan a fassara. Idan aka goge ɗaya, adadin kuɗi ko sunan mai karɓa ba zai fito ba, idan kuma aka ɓata rubutunsa, manhajar tana iya rufewa da kanta a daidai wannan shafi, a wannan harshe kaɗai.

Ƙidaya ma tana da nata tarkon. Ingilishi da Hausa suna da siga biyu a tsarin da manhajoji ke bi, tilo da jam'i. Larabci yana da shida: sifiri, ɗaya, biyu, daga 3 zuwa 10, daga 11 zuwa 99, da sauran. Duk wanda ya yi karatun Larabci ya san bambancin yaum da yaumani da ayyam. Don haka saƙon da ke cewa saura kwana kaza ana gwada shi a Larabci da 0, 1, 2, 3, 11 da 100, domin kowace lamba tana jawo siga daban. A Hausa kuma akwai batun jinsi. "Ka tura" namiji ake faɗa wa, "kin tura" mace, manhaja kuwa sau da yawa ba ta san wanda ke riƙe da wayar ba. Sai a yanke shawara tun farko ko za a yi amfani da "an tura" ko "kun tura", mai gwaji kuma ya bi duk shafuka ya tabbatar ba a cakuɗa ba. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, saƙon gazawar da aka ambata a baya ma zai koma "Kuɗin da aka tura bai shiga ba".

Daga dama zuwa hagu

Larabci da Ibrananci da Farisanci da Urdu daga dama ake fara rubuta su, haka ma Ajami. Idan manhaja ta koma ɗaya daga cikinsu, fuskarta gaba ɗaya ce ke juyawa. Kibiyar komawa baya ta koma kusurwar dama tana nuni dama, jerin zaɓuɓɓuka ya buɗe daga dama, sandar da ke nuna ci gaban aiki ta cika daga dama zuwa hagu. Android ya kawo cikakken tallafin wannan a siga ta 4.2 a shekarar 2012, iOS kuma a siga ta 9 a 2015.

Asirin yana cikin yadda mai gini ya bayyana wurare. Idan ya ce a bar tazara a hagu da `marginLeft`, tazarar za ta zauna a hagu ko da an juya shafin. Idan ya ce a bar ta a farko da `marginStart`, za ta bi alkiblar harshen da kanta. A iOS kalmomin su ne `leading` da `trailing`. Ana gano inda aka yi kuskure ta hanyar kunna `Force RTL layout direction` a `Developer options`, ko zaɓar `ar-XB`. Alamar ita ce hoto da rubutu su manne da juna a gefe ɗaya, a bar fili a ɗaya gefen, ko kibiyar ci gaba ta riƙa nuna inda aka fito.

Ba komai ne ke juyawa ba, kuma juya abin da bai kamata ba shi ma kuskure ne. Hannun agogo hanya ɗaya yake bi a ko'ina. Maɓallan kunna sauti da bidiyo yawanci ana barin su yadda suke. Tambarin kamfani da hoton da ke ɗauke da rubutu ba a juya su. Lambobi kuwa, ko a tsakiyar jimlar Larabci, daga hagu zuwa dama ake jera su.

Wannan batu na lambobi shi ne ya fi haɗari. Wayoyi suna bin wata ƙa'ida ta Unicode wajen jera rubutun da ya haɗa alkibla biyu. A ƙa'idar, haruffa suna da alkiblarsu, amma fili da yawancin alamomin rubutu ba su da ita, sai su ari ta abin da ke kewaye da su. A ɗauki lambar asusun banki ta Nijeriya mai lambobi 10, wadda manhajar ta raba kashi uku don sauƙin karatu: `012 345 6789`. A cikin jimlar Larabci, kowane kashi zai fito daidai a karan kansa, amma filayen da ke tsakaninsu za su ɗauki alkiblar Larabci, sai kashin farko ya koma dama. Wanda ya karanta lambar daga hagu zai ga `6789 345 012`. Babu lambar da ta ɓata, kuma abin da ke ajiye a manhajar daidai yake, amma mutumin da ya kwafa da ido ya karanta wa wani zai ba da asusun da ba shi ba. Haka ke faruwa da lambar waya, inda alamar `+` kan yi tsalle zuwa ɗaya ƙarshen.

Maganin shi ne a killace lambar, a gaya wa wayar cewa wannan yanki daga hagu yake tafiya ko me ke kewaye da shi. Unicode ta ƙara alamomin killacewa marasa ganuwa a siga ta 6.3 a 2013, Android kuma yana da `BidiFormatter` don irin wannan aiki. Fassarar bogi ba ta cika kama wannan matsala ba. Sai an sa ainihin jimlar Larabci, an cusa mata lambar asusu da sunan mutum da haruffan boko da adadin kuɗi, an kuma sa wanda ya iya karanta harshen ya duba.

Mai iya karatun zai kuma lura da abin da wani ba zai gani ba. Haruffan Larabci haɗe suke, kuma siffar kowanne tana canzawa bisa matsayinsa a kalma. Idan mai zane ya ƙara tazara tsakanin haruffa don ado, kalmar na iya wargajewa. Wasulan da ake ɗorawa sama da ƙasa suna buƙatar layi mai tsayi, in ba haka ba a fille musu kai. Wannan ya fi shafar Ajami, domin Hausa ba ta karantuwa da sauƙi ba tare da wasula ba.

Haruffa masu ƙugiya da danginsu

Kowane harafi yana da lambarsa a Unicode. Ta ƙ ita ce `U+0199`, ta ɗ `U+0257`, ta ɓ `U+0253`, ta ƴ da ake rubutawa a Nijar `U+01B4`. Hanyoyi uku waɗannan haruffa ke lalacewa, kuma kowacce da alamarta.

Idan aka ga ƙaramin akwati fanko a madadin harafi, samfurin haruffan da manhajar ke amfani da shi ne ba shi da zanen wannan harafi. Wani lokaci wayar kan aro harafin daga wani samfuri, sai a ga ƙ ta fi sauran kalmar siranta ko kauri. Kamfanoni da yawa suna zaɓar samfurin ado da aka zana don harsunan Turai, shi ya sa ake gwada manya da ƙananan haruffa duka, Ƙ da Ɗ da Ɓ da Ƴ, a rubutu mai kauri da na gicciye, tare da alamar naira ₦.

Idan kuma aka ga `Æ™` a inda ya kamata ƙ ta kasance, ko `É—` a madadin ɗ, matsalar ta hanyar ajiya ce. A tsarin UTF-8, kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu yake ci. Idan wata na'ura a hanya ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ta ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Irin wannan tana gyaruwa, tunda bayanin yana nan. Amma idan alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, kamar `?asa` a madadin ƙasa, to an riga an zubar da shi, ba ya dawowa. Domin gano inda ɓarnar take, ana yin gwajin zuwa da dawowa: a rubuta suna mai ƙugiya a fom, a ajiye, a rufe manhajar, a sake buɗewa, sannan a duba sunan a rasit da imel da saƙon tes.

Saƙon tes yana da nasa sharaɗin. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duk suna cikin jerin haruffan GSM. Haruffa masu ƙugiya ba sa cikin jerin, don haka ƙ guda ɗaya tak tana mayar da saƙon wani tsari da ke ɗaukar haruffa 70 kacal. Sanarwar da ke tafiya a saƙo ɗaya da Ingilishi tana iya zama saƙo biyu ko uku da Hausa ko Larabci, kuɗin turawa ya ƙaru daidai da haka.

Alamar ɗauri da ke cikin 'ya'ya da jama'a da ma'aikaci ita ma tana jawo rigima. A fayil ɗin rubutun Android tana da ma'ana ta musamman, don haka sai an sa mata kariya:

```
<string name="kids">\'ya\'ya</string>
```

Idan aka manta, manhajar kan ƙi haɗuwa tun a wurin gini. Faransanci ma cike yake da ita. A ɓangaren fom kuwa, ana gwada sunaye irin su Mu'azu da Asma'u da Sa'adatu, domin akwai manhajojin da ke ƙin karɓar duk sunan da ke da wani abu ban da haruffan Ingilishi 26.

Saura bincike da jeri. Mutane da yawa ba su da ƙugiya a allon rubutun wayarsu, don haka wanda ya rubuta "kofa" a akwatin bincike ya kamata ya samu "ƙofa". Wajen jera sunaye kuma, idan manhaja ta bi lambobin Unicode kawai, duk kalmar da ta fara da ƙ ko ɗ ko ɓ za ta faɗa bayan z. A tsarin Hausa, ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k.

Yadda ake tsara aikin

Manhaja mai shafuka 40 a harsuna 4 a kan wayoyi 3 tana da fuskoki 480 da za a duba, kuma kowane sabon gyara yana iya ɓata wanda aka riga aka duba. Shi ya sa ake raba aikin tsakanin na'ura da mutum. Na'ura tana binciko jimlolin da ba a fassara ba da guraben da suka ɓata, tana kuma bin shafuka ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hotonsu a kowane harshe, ta kwatanta da hotunan baya. Mutum mai jin harshen shi ke duba hotunan, sannan ya riƙe waya ya bi muhimman hanyoyi da hannunsa: rajista, tura kuɗi, da saƙonnin kuskure. Waɗannan saƙonni su aka fi mantawa, domin ba sa fitowa sai an jawo su da gangan, ta hanyar kashe intanet ko sa lambar sirri ba daidai ba.

Rahoton kowace matsala yana ɗauke da harshe, samfurin waya, sigar Android ko iOS, girman rubutu, hoton shafin, da abin da ya kamata a gani. Ana jera matsalolin bisa illarsu: wadda ke canza ma'ana ko lamba ita ce kan gaba, sai wadda ke hana mutum kammala aiki, sannan wadda ke ɓata kyan gani kawai. Ba a cewa manhaja ta iya wani harshe sai mai jin wannan harshe ya karanta kowane saƙo nata a fuskar waya, ya fahimci abin da aka yi nufi ba tare da ya koma Ingilishi ba.